Bitamin na yara: wa ke bukatarsa, kuma me ya sa ƙwayar ƙarin jini ta fi komai haɗari a gida

Yawancin kwalaben bitamin da ke cikin gidajenmu ba likita ne ya rubuta su ba. Uwa ce ta je kemis ta ce yaronta ba ya cin abinci, ko ya rame bayan zazzaɓi, sai a haɗo mata maganin ruwa na bitamin da na ƙarin jini, wani lokaci har da na buɗe ciki. Niyyar mai kyau ce, amma akwai tambayoyi biyu da ba a cika yi ba a wurin: shin yaron yana bukatar abin, kuma idan ya shanye kwalbar gaba ɗaya me zai faru? Amsar ta farko, ga mafi yawan yara masu lafiya, ita ce a'a. Amsar ta biyu kuwa ta dogara ne kusan kacokan a kan sinadari guda, wato sinadarin ƙarfe da ake kira ayon, wanda shi ne ke cikin duk abin da muke ce wa maganin ƙarin jini.

Yaro mai lafiya da abincin gida

Yaron da ya wuce shekara ɗaya, wanda nauyinsa ke tafiya daidai a katin awo, yana wasa, yana cin abin da aka dafa a gida, to ba ya bukatar bitamin na kullum. Abin da jikinsa ke nema kaɗan ne ƙwarai. Ɗan shekara ɗaya zuwa uku yana bukatar ayon miligiram 7 a rana, ɗan shekara huɗu zuwa takwas kuma miligiram 10. Wake, ƙwai, kifi, nama, hanta, gyaɗa da ganye irin su zogale da alayyaho suna kawo wannan idan suna zagayowa cikin mako. Manja, karas, kabewa, gwanda da mangwaro suna kawo bitamin A. Ban da haka, a Najeriya doka ta wajabta a ƙara bitamin A a cikin sukari da man girki da fulawar da masana'antu ke fitarwa, don haka yaro yana samun wani kaso ko ba a lura ba.

Rashin cin abinci da ke tayar wa iyaye hankali bayan shekara ɗaya galibi ba ciwo ba ne. Jariri yana ninka nauyin haihuwarsa kusan sau uku a shekarar farko, daga nan girman sai ya lafa, ya koma kamar kilo biyu a shekara. Jikin da girmansa ya ragu, cinsa ma raguwa yake yi. Bitamin ba ya buɗe cikin yaron da ba shi da ƙarancinsa. Magungunan da ake gani suna sa yaro ci sosai, sau da yawa ba bitamin ɗin cikinsu ne ke aikin ba, wani magani ne da ake haɗawa mai suna sifrohebtadin, wanda asalinsa maganin ƙaiƙayi da borin jini ne. Yana sa barci da kasala, ba a ba yaron da bai kai shekara biyu ba, kuma idan aka sha shi da yawa yana iya rikita yaro har ya kai ga jijjiga.

Wanda ya kamata a damu da shi shi ne yaron da nauyinsa ya tsaya ko yake sauka, wanda tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari, wanda ke cin ƙasa, ko wanda ba ya gani sosai idan magariba ta yi, abin da muke kira dundumi. Irin wannan yaron ba kwalbar kemis yake bukata ba, gwaji yake bukata. A yankinmu ƙarancin jini yana iya zama daga zazzaɓin cizon sauro, ko tsutsar ciki, ko sikila, ba lallai daga ƙarancin ayon ba. Ɗura wa mai sikila ayon ba tare da gwaji ba kuskure ne babba, musamman wanda ake yi wa ƙarin jini, domin kowace leda ta jini tana shigowa da ayon nata, kuma jikin ɗan adam ba shi da hanyar fitar da rarar ayon. Folik asid ake rubuta musu, shi kuma wani abu ne daban.

Yaran da ke bukata da gaske

Akwai yaran da ƙarin yake da dalili a kansu, kuma a kowane hali akwai adadi da lokaci. Jariri sabon haihuwa ana yi masa allurar bitamin K sau ɗaya don kare shi daga zubar jini. Bakwaini da jaririn da aka haifa bai kai kilo biyu da rabi ba sukan bukaci ɗigon ayon, saboda ajiyar ayon tana shiga jikin jariri ne a watannin ƙarshe na ciki, su kuma ba su samu cikakkiya ba. Likita ne ke auna musu bisa nauyi, yawanci kimanin miligiram 2 a kowane kilo a rana. Yaro mai gudawa ana ba shi zink tare da ruwan gishiri da sukari: miligiram 20 a rana na kwana 10 zuwa 14, ko miligiram 10 idan bai kai wata shida ba. Ana cika kwanakin ko da gudawar ta tsaya, sannan a daina.

Bitamin D kuma, a ƙasashe da yawa ana ba jariri mai shan nono zalla 400 IU a rana, domin nono ba shi da shi da yawa. IU shi ne ma'aunin da ake auna yawan bitamin D da A da shi. A nan ma yana iya zama dole ga jaririn da shi da uwarsa ba su cika fita rana ba. Amma kada a ga ƙafar yaro ta lanƙwashe a ruga sayen bitamin D. Binciken da aka yi a Jos a kan yara masu lanƙwasar ƙashi ya nuna cewa ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban musabbabi, ba ƙarancin bitamin D ba. Shi kuwa bitamin D idan ya yi yawa a jiki yana ɗaga kalsiyam a cikin jini, yaro ya dinga yawan fitsari da ƙishirwa da amai da taurin bayan gida, daga baya ƙoda ta taɓu.

Yaron da ake yi wa jinyar tamowa da abincin nan na leda mai gyaɗa, kada a ƙara masa komai a gida. An riga an zuba bitamin da ayon da zink a ciki daidai da bukatarsa.

Kafson bitamin A na asibiti

Wannan shi ne ƙarin da kusan kowane yaro ɗan wata 6 zuwa 59 ya kamata ya samu a Najeriya da Nijar, ko lafiyarsa ƙalau, domin ƙarancin bitamin A ya yaɗu a yankin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara shi kamar haka: ɗan wata 6 zuwa 11 ana ɗiga masa shuɗin kafso mai 100,000 IU sau ɗaya, ɗan wata 12 zuwa 59 kuma jan kafso mai 200,000 IU duk bayan wata huɗu zuwa shida. Ana yanke bakin kafson a matse man a bakin yaro. A Najeriya ana rabawa a makon lafiyar mata da ƙananan yara da kuma wurin riga-kafi.

Dalilin da ya sa ɗigo ɗaya ke isar watanni shi ne hanta tana ajiye bitamin A. Wannan ajiyar ita ce kuma ke sa ya zama abin kula. Bitamin C da yawancin dangin bitamin B suna narkewa a ruwa, rararsu tana bin fitsari. A da D kuwa a mai suke narkewa, suna taruwa. Matsalar da aka fi gani ita ce maimaici: an ɗiga wa yaro a asibiti, bayan kwana goma ma'aikata sun zo gida-gida, uwa ba ta nan, babu wanda ya duba kati, sai a sake. Ƙa'ida ita ce kada a maimaita kafin wata guda ya cika, in ban da yaro mai ƙyanda ko ciwon ido na ƙarancin bitamin A, wanda likita ke ba shi kwana biyu a jere da gangan. Saboda haka a tabbatar an rubuta ranar a kati, kuma duk wanda ake bar wa yaro ya san an ba shi.

Bayan kafson, wasu yara sukan yi ɗan amai ko ciwon kai, jariri kuma maɗigarsa tana iya ɗan tasowa. Wannan yakan wuce cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Idan aman ya ƙi tsayawa, ko yaro ya ƙi nono, ko barcinsa ya yi nauyi, a kai shi asibiti. Akwai kuma taruwa ta sannu a hankali, wadda ke zuwa idan ana haɗa wa yaro bitamin na ruwa da man hantar kifi kullum na watanni, alhali duka biyun suna ɗauke da A da D. Iyakar abin da ɗan shekara ɗaya zuwa uku zai riƙa sha kullum na bitamin A irin na magani ita ce 2,000 IU, kuma kwalba biyu suna haye wannan cikin sauƙi. Alamominta su ne bushewar fata, tsagewar leɓe, zubar gashi da ciwon ƙashi. Na manja da karas ba ya yin haka, iyakarsa ya sa tafin hannu ya yi ruwan ɗorawa.

Ƙwayar awo a hannun ɗan shekara biyu

A nan ne haɗarin ya fi girma, kuma abin da ya fi kashe yara ba maganinsu ba ne, na uwarsu ne. Mai ciki tana dawowa daga awo da ƙwayoyin ƙarin jini na wata guda ko fiye, sau da yawa a ƙaramar leda ko takarda, ba a kwalba mai murfin da yaro ba zai iya buɗewa ba. Ƙwayoyin ƙanana ne, jajaye ko ruwan ƙasa, wasu da zaƙi a bayansu, kamanninsu ɗaya da alewa. Gidan da ke da mai ciki kuma sau da yawa akwai wanda aka yaye kwanan nan, mai yawo yana kai komai baki. Da yake kowa yana ɗaukar ƙwayar a matsayin abin gina jiki, ba a ɓoye ta yadda ake ɓoye maganin ɓera.

Ana auna haɗarin ne da yawan tsantsar ayon da yaro ya haɗiya a kan kowane kilo na nauyinsa. Ƙasa da miligiram 20 a kilo, yawanci babu abin da ke faruwa. Daga 20 zuwa sama ana samun amai da gudawa da ciwon ciki. Daga 40 asibiti ya zama dole ko yaro yana wasa. Sama da 60 guba ce mai iya taɓa hanta da zuciya, ta kai ga rasa rai.

Sai dai lambar da ke jikin kwali tana ruɗarwa, domin akwai nauyin ƙwayar gaba ɗaya, akwai kuma tsantsar ayon da ke cikinta. Ƙwayar feros salfet mai miligiram 200 tana ɗauke da tsantsar ayon kimanin miligiram 65. A feros fumaret kashi ɗaya cikin uku ne ayon, a feros gulukonet kuma kimanin kashi 12 cikin ɗari. Ƙwayar awo da aka haɗa da folik asid yawanci tana da ayon miligiram 60. Da tsantsar ake lissafi.

A ɗauki yaro ɗan shekara biyu mai nauyin kilo 12. Uwarsa ta karɓo ƙwaya 30, ta sha 8, ya kamata a samu saura 22. An tarar da shi zaune da ledar a yage, bakinsa ya yi ja, an tattara ƙwaya 9 a ƙasa da cikin ledar. Ke nan 13 sun ɓata. Ba a cewa wataƙila ya zubar da wasu, ana ɗauka duk ya haɗiye su. Ƙwaya 13 sau miligiram 60 ya ba da 780. A raba da kilo 12, ya zama miligiram 65 a kowane kilo. Wannan yaron yana cikin rukuni mafi haɗari. Ga yaro mai wannan nauyin, ƙwaya huɗu sun isa su fara tayar masa da ciki, takwas sun kai shi matakin asibiti dole, goma sha biyu sun kai matakin da ake tsoron rai. Duka ba su cika tafin hannunsa ba.

Abin da ke biyo baya yana da matakai, kuma na biyun ne ke yaudarar iyaye. Cikin rabin awa zuwa awa shida ayon yana ƙona bangon ciki da hanji, yaro ya yi ta amai da gudawa, wani lokaci da jini ko baƙi ƙirin. Daga nan, tsakanin awa 6 zuwa 24, sai aman ya lafa, yaro ya yi kamar ya warware, har ya nemi abinci. Mutanen gida su ce ai ya amayar da shi. A wannan lokacin ne ayon da ya shiga jini yake ratsa gaɓoɓi. Bayan haka numfashi ya yi sauri, hannu da ƙafa su yi sanyi, jini ya sauka, yaro ya galabaita. Kwana biyu zuwa uku hanta tana iya gazawa, ido ya yi ruwan ɗorawa, jini ya ƙi daskarewa. Wanda ya tsira ma, bayan makonni biyu zuwa takwas tabon ƙunar yana iya toshe mafitar ciki, ya dawo da amai mai naci. Shi ya sa lafawar amai ba hujjar zama a gida ba ce.

Abin yi a take shi ne a zaro abin da ya rage a bakinsa, a duba agogo, a ɗauki ledar da sauran ƙwayoyin da katin awon yaro mai nauyinsa, a nufi babban asibiti mai sashen gaggawa na yara, ba kemis ba. Kada a ɗura masa manja, kada a ba shi ruwan gishiri, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. Manja ba ya kashe gubar ayon, kuma idan yaro ya shaƙe shi ya gangara huhu, an ƙara masa wani ciwon. Ruwan gishiri mai kauri shi kansa yana iya kashe ƙaramin yaro. Madara ba ta karya gubar, gawayi ma, har da wanda asibiti ke bayarwa ga wasu gubobin, ba ya kama ayon.

A asibiti za a sa masa ƙarin ruwa, a iya ɗaukar hoton ciki domin ƙwayoyin ayon sukan fito a hoto, a auna ayon a jini wajen awa huɗu zuwa shida bayan haɗiyar, lokacin da ya fi hawa. Idan ƙwayoyin suna nan a ciki, ana wanke hanji da wani ruwa na musamman. Makarinsa allura ce mai suna difaroksamin, wadda ke ɗaure ayon ta fitar da shi ta fitsari, har fitsarin yakan yi ja-ja. Ba kowane asibiti ke ajiye ta ba, wanda dalili ne na zuwa da wuri don a samu damar tura yaron gaba.

Lissafin ayon da aka yi wa ƙwayoyi a sama shi ne na maganin ruwa ma. Idan an rubuta, misali, ayon miligiram 40 a kowace mililita 5, rabin kwalba mai mililita 200 ya zama miligiram 800. Bitamin na taunawa mai kama da alewa sau da yawa ba shi da ayon, amma wasu suna da shi, don haka sai an karanta. Baƙin bayan gida kawai ga yaron da ke shan ayon bisa ƙa'ida ba abin tsoro ba ne, muddin babu ciwon ciki, amai ko jini.

Yadda kuskure ke faruwa wajen bayarwa

Cokalin shayi a lissafin magani mililita 5 ne daidai, amma cokulan gida ba girmansu ɗaya ba, babban cokalin cin abinci kuma yana kai mililita 15, ninki uku ke nan. A yi amfani da sirinjin baki ko ɗan kofin da ya zo da maganin, a auna a wurin da ke da haske. Na ɗigo ya fi na cokali kauri nesa ba kusa ba. Akwai bitamin D da ɗigo ɗaya tak ke ɗauke da 400 IU, akwai kuma wanda sai an cika mililita guda. Wanda ya saba da na biyun ya cika bututun da na farkon, ya ba jariri ninki ashirin ko fiye a zama ɗaya. Duk sanda aka sauya kwalba, a sake karanta ta kamar ba a taɓa gani ba.

Babban gida yana da nasa haɗarin. Uwa ta bayar da safe ta fita, kaka ta ga kwalbar ta bayar, yaya ta dawo daga makaranta ita ma ta bayar. Mutum ɗaya ya riƙe aikin, a manna takarda a jikin kwalin a riƙa yin alama kowace rana. Idan an manta yau, gobe ba a ninkawa. Kada a taɓa ce wa yaro alewa ce don ya yarda ya sha, domin zai neme ta da kansa idan babu kowa. Kada kuma a tura yaro ya ɗauko magani ko ya ba ƙaninsa.

Ajiya kuwa, tsawo kaɗai bai isa ba, ɗan shekara uku yana jawo kujera ya hau. Akwati ko durowa mai kwaɗo ake bukata. Kan madubi, ƙarƙashin filo, bakin taga da ƙofar firiji duk wuraren da hannun yaro ke kaiwa ne. Murfin da ake dannawa kafin a murɗa jinkirta yaro kawai yake yi, ba hana shi ba. Ƙwayar da aka bayar a leda a juye ta cikin kwalba mai murfi mai ƙarfi, a rubuta sunanta da adadinta da ranar da aka karɓo, domin wannan adadin ne zai ba da damar yin lissafin da aka nuna a sama. Jakar hannu ta fi ko'ina zama tarko, ta uwa da ta baƙuwa, musamman ranar suna ko biki da mata ke ajiye jakunkuna a kan gado yara suna shiga da fita. A rataye su sama ko a kulle ɗakin. Bayan haihuwa, idan an gama shan abin da aka rubuta wa mai jego, sauran ƙwayoyin a mayar da su asibiti ko wurin mai harhaɗa magani, kada a watsa su a bola ko kwandon shara inda yaran unguwa ke tsince-tsince.